Hannunka Mai Sanda: Yadda Ɗalibin Shari'a Ke Duba Amsar Abokin Karatunsa

Duba amsar juna wata hanyar karatu ce da ɗalibai biyu ko fiye ke musayar abin da suka rubuta, kowa ya karanta na ɗan'uwansa ya faɗi abin da ya gani. A tsangayoyin shari'a na jami'o'in Nijeriya, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wani lokaci malami ne ke raba takardun a aji, wani lokaci kuma ɗaliban ne ke shirya abinsu a rukunin bita kafin jarrabawa. Ko ta wace hanya aka yi, wahalar guda ce. Mai dubawa yana iya yin shiru saboda kara, ya mayar da takarda da "ta yi kyau" kawai, ko kuma ya zaƙe ya sake rubuta amsar da hannunsa. Na farko bai ba mai amsa komai ba. Na biyu ya ƙwace masa aikin da ya zo jami'a ya koya. Abin da ake nema yana tsakanin waɗannan biyun, kuma yana da ƙa'idojinsa.

Irin amsar da ake dubawa

Tambayoyin jarrabawar shari'a iri biyu ne. Akwai wadda ke neman ɗalibi ya yi sharhi a kan wani ra'ayi ko wata ƙa'ida. Akwai kuma wadda malami ke ƙirƙiro ɗan labari na rigima tsakanin mutane, ya ce a ba ɗaya daga cikinsu shawara irin ta lauya. Wannan ta biyun ce ta fi buƙatar idon abokin karatu, domin ba hadda ake gwadawa a cikinta ba, tunani ake gwadawa.

Tsarin da aka fi koyarwa don amsa irin wannan tambaya shi ne wanda ɗalibai ke kira IRAC, kuma matakai huɗu ne. Da farko a fitar da batun da ake jayayya a kansa. Sai a kawo ƙa'idar doka da ta shafi batun, tare da hujjarta, wato sashen doka ko hukuncin da wata kotu ta taɓa yankewa. Sai a ɗora wannan ƙa'ida a kan abin da ya faru a labarin, a nuna inda ta dace da inda ba ta dace ba. A ƙarshe a faɗi matsaya. Idan labarin yana ɗauke da batutuwa uku ko huɗu, kowanne sai an bi da shi ta waɗannan matakai.

Sanin wannan tsari shi ne ke ba mai dubawa ma'auni. Ba tambayar ko amsar ta burge shi zai yi ba. Zai tambayi kansa ko kowane mataki yana nan, kuma ko an yi shi daidai. A mafi yawan amsoshin masu koyo, mataki na biyu yakan kumbura har ya cika shafi, na uku kuma ya tsuke zuwa layi ɗaya, alhali kuwa a na ukun ne gwanintar lauya take.

Misalin tambaya

Ga irin tambayar da ɗalibin da ke karanta dokar kwantiragi zai iya gamuwa da ita. Ranar Litinin wani mai masara a kasuwar Dawanau ya aika wa wani mai gidan kaji saƙon waya cewa zai sayar masa da buhu 200 na masara a kan naira 40,000 kowane buhu, jimla naira miliyan 8, kuma ya ba shi zuwa azahar ɗin Juma'a ya yi shawara. Ranar Talata mai kaji ya amsa da cewa, "Ko za ka yarda in biya rabi yanzu, rabi bayan mako biyu?" Mai masara bai ce uffan ba. Ranar Laraba ya sayar wa wani mutum dabam da masarar. Ranar Alhamis da safe dillalin da ya shiga tsakani a cinikin Laraba ya gaya wa mai kaji cewa an sayar da kayan. Da yammacin ranar mai kaji ya aika saƙo cewa ya amince da farashin kuma zai biya kuɗin duka nan take. Mai masara ya ce kaya sun tafi. Tambayar ita ce a ba mai kaji shawara ko yana da haƙƙin da zai nema a kotu.

A bakin 'yan kasuwa mai saye ne ke tayi, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. A dokar kwantiragi kuwa, tayi shi ne duk maganar da wani ya gabatar da niyyar ta ɗaure shi da zarar an amince, ko mai saye ne ko mai sayarwa. Don haka a wannan labari mai masara ne ya yi tayi.

Kafin mai dubawa ya taɓa takardar abokinsa, wajibi ne ya warware tambayar da kansa, ko da a ɗan gajeren jeri ne a bayan littafi. Wanda bai yi haka ba amsar da ke gabansa za ta ja shi, ya bi ta duk inda ta bi, har ya kasa ganin abin da aka tsallake. Abin da babu shi a takarda ba ya kiran ido, sai ga wanda ya riga ya san ya kamata a same shi.

Wanda ya warware wannan tambaya zai ga batutuwa uku manya. Na farko, ko alkawarin jira zuwa Juma'a ya ɗaure mai masara. A dokar kwantiragi da Nijeriya ta gada daga Ingila, alkawarin da ba a ba da komai a madadinsa ba ba ya ɗaure mai yin sa. Shari'ar Routledge da Grant ta 1828 ta nuna cewa mai tayi yana iya janyewa kafin wa'adin da ya ɗiba ya cika, matuƙar ba a riga an amince ba. A can wa'adin mako shida ne.

Na biyu, ko saƙon Talata sabon tayi ne ko tambaya ce kawai. Bambancin yana da nauyi, domin sabon tayi yana kashe na farko. A shari'ar Hyde da Wrench ta 1840 an yi tayin sayar da gona a kan fam 1,000, mai saye ya ce zai ba da 950, aka ƙi, sannan ya dawo ya ce ya yarda da 1,000. Kotu ta ce babu ciniki, domin tayin farko ya mutu tun lokacin da ya kawo nasa farashin. Amma a shari'ar Stevenson da McLean ta 1880, wadda ta shafi cinikin ƙarfe, mai saye ya buga waya ne yana tambaya ko za a yarda a yi cinikin a kan wannan farashi amma a miƙa kayan cikin wata biyu. Kotu ta ce wannan neman bayani ne, bai kashe tayin ba.

Na uku, ko labarin da dillali ya kawo ranar Alhamis ya isa ya zama janye tayi. Ƙa'ida ita ce janyewa ba ta aiki sai ta isa kunnen wanda aka yi wa tayin. Shari'ar Dickinson da Dodds ta 1876 ta nuna cewa ba lallai sai mai tayin ne da kansa zai kai labarin ba. Idan wanda aka yi wa tayin ya ji daga majiya abin dogaro cewa an sayar wa wani, ba zai iya amincewa bayan haka ya ce ciniki ya ƙullu ba.

Abin da abokin karatu ya rubuta

A ɗauka cewa amsar da aka miƙa shafi biyu ce. Shafin farko gaba ɗaya ya tafi wajen bayyana ma'anar kwantiragi da jera sharuɗɗansa. A shafi na biyu mai amsa ya ce saƙon Litinin tayi ne sahihi, kuma tun da mai masara ya yi alkawarin jira zuwa Juma'a, bai kamata ya sayar ranar Laraba ba. Daga nan ya ce saƙon Talata sabon tayi ne, ya kawo shari'ar Hyde da Wrench daidai da shekararta da abin da ya faru a cikinta, ya ce saboda haka tayin ya mutu. Ya rufe da cewa babu kwantiragi, mai kaji ba shi da abin da zai nema. Bai ambaci dillali ba ko sau ɗaya.

Wannan amsa tana da wani abu da ke ruɗar masu dubawa: matsayarta ta ƙarshe daidai ce bisa mafi rinjayen fahimta, amma hanyar da ta bi ba daidai ba ce. Lallai da wuya a ce ciniki ya ƙullu, sai dai ba don saƙon Talata ba. Wannan saƙo ya fi kama da tambayar da aka yi a shari'ar Stevenson, domin mai kaji bai kawo wani farashi ba kuma bai ce sai da wannan sharaɗi zai saya ba. Abin da ya kashe tayin shi ne labarin da ya ji ranar Alhamis da safe, kafin ya aika amincewarsa da yamma. A nan ma labarin ya rabu da na Stevenson, domin a can mai saye ya aika amincewarsa kafin labarin sayarwa ya iso gare shi, shi ya sa kotu ta ce ciniki ya ƙullu. Mai dubawa da ya leƙa layin ƙarshe kawai ya ga ya yi daidai da nasa zai sa hannu ya ce an ci. Malami kuwa a kan hanyar yake ba da mafi yawan maki, kamar yadda malamin lissafi ke yi.

Karatu biyu kafin alƙalami

Hanya mafi aminci ita ce a karanta amsar sau biyu. A karatun farko ba a riƙe alƙalami. Manufarsa ita ce a gane abin da mai amsa yake son cewa, har mai dubawa ya iya taƙaita shi a jimla biyu ta yadda mai shi zai ce lallai haka yake nufi. A wannan misali taƙaitawar ita ce: tayin ya mutu ranar Talata saboda sabon tayi, don haka amincewar Alhamis ba ta da abin da za ta kama. Wanda ya fara sharhi tun daga layin farko yakan soki abin da aka yi bayaninsa a shafi na gaba.

A karatu na biyu ne ake sa alama a gefen takarda, a nuna wane sakin layi ne batu, wane ne ƙa'ida, wane ne ɗorawa, wane ne matsaya. Wannan aiki kaɗai yakan tona asirin amsar. A misalin da ke sama za a ga shafi guda babu alama ko ɗaya, domin bai taɓa batun tambayar ba, kuma za a ga cewa tsakanin shari'ar Hyde da kalmar "saboda haka" babu jimla ko ɗaya da ta koma ga kalmomin saƙon Talata. Sannan mai dubawa ya ɗauki jerin da ya yi tun farko, ya bi labarin rana bayan rana, yana duba ko kowace rana ta sami wuri a amsar. Masu tsara irin wannan tambaya ba sa saka bayani a banza. Idan aka ce dillalin shi ne ya shiga tsakani a cinikin Laraba, an faɗi haka ne don ɗalibi ya yi magana a kan ko majiya ce abin dogaro.

Yadda sharhi mai amfani yake

Sharhi mai amfani yana da ƙafa uku. Yana nuna wurin, yana faɗin abin da mai karatu ya rasa a wurin, sannan yana mayar da tambaya ga mai amsa. Ana iya gwada shi a kan batun saƙon Talata ta hanyoyi uku.

Wani zai rubuta a gefe, "Wannan bai yi ba." Mai amsa ba zai san ko shari'ar ce ya kawo ba daidai ba, ko Turancin ne, ko tunanin. Sai dai ransa ya ɓaci kawai.

Wani kuma zai rubuta, "Saƙon Talata neman bayani ne ba sabon tayi ba, bisa shari'ar Stevenson da McLean, domin bai canja farashi ba, saboda haka tayin yana nan da rai." Wannan magana gaskiya ce, amma amsa ce ba sharhi ba. Mai takarda zai kwafe ta ya saka, kuma ranar jarrabawa idan aka juya labarin ya koma cinikin mota ko hayar shago, zai sake faɗawa ramin da ya faɗa.

Na uku zai rubuta, "A sakin layi na biyar ka kawo ƙa'idar Hyde daidai, amma ka wuce zuwa matsaya ba tare da ka koma ga kalmomin saƙon Talata ba. Sake karanta saƙon. Mai kaji ya kawo wani farashi ne kamar yadda aka yi a Hyde, ko wani abu dabam ya yi? Shin duk maganar da ta biyo bayan tayi ce ke kashe shi?" Wannan ya nuna ƙofa bai shiga ba. Dole mai amsa ya koma littafi, ya gano cewa akwai wani layin hukunci, ya yanke da kansa wanne ya fi dacewa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba sharhi da sake rubutu. Idan za a iya ɗauke abin da mai dubawa ya rubuta a dasa shi cikin amsar ya zauna daram, to an ƙetare iyaka. Sharhi na gaskiya ba ya dasuwa, domin magana yake yi a kan amsar, ba a madadinta ba.

Haka za a yi da batun dillali. Maimakon a rubuta sakin layin da ya ɓace, sai a ce, "Na bi labarin rana bayan rana, na ga Litinin da Talata da Laraba a amsarka, ban ga safiyar Alhamis ba. Me ya sa mai tambaya ya gaya mana ko wane ne dillalin?" Game da alkawarin Juma'a kuwa, amsar ta ce bai kamata mai masara ya sayar ba, amma ba ta kawo hujja ba, kuma ba a gane ko kamata ta ɗabi'a ake nufi ko ta doka. Sai a tambaya, "Wace hujja ce ta ce wannan alkawari ya ɗaure shi? Me mai kaji ya bayar don a jira shi?"

Ana yawan tambaya ko ya halatta mai dubawa ya ambaci sunan shari'ar da aka manta. Abin ya danganta da inda matsalar take. Idan mai amsa ya san shari'ar amma bai ga ta shafi labarin ba, faɗin sunanta ya raba shi da aikin ganowa, wanda shi ne abin da ake so ya koya. Idan kuwa bai taɓa jin ta ba, tambaya kaɗai ba za ta kai shi ko'ina ba. A nan sai a nuna masa babin da zai duba, alal misali babin mutuwar tayi a littafin dokar kwantiragi na Farfesa Itse Sagay, wanda ɗaliban Nijeriya suka saba da shi. Nuna hanyar rijiya dabam, ɗebo ruwan dabam.

Abin da ake sa gaba da abin da ake bari

Takardar da ta dawo cike da jan biro tana kashe gwiwa, kuma mai ita ba zai san wanne ne babba ba. Ya fi kyau a tsaya a kan maganganu uku ko huɗu, a jera su bisa nauyinsu. Batun da aka tsallake gaba ɗaya shi ne kan gaba, domin duk makin da ke kansa ya tafi. Sai ƙa'idar da aka faɗa ba daidai ba ko ba tare da hujja ba. Sai ɗorawar da ba a yi ba ko aka yi ta gefe guda, ba tare da an faɗi abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ba. Sai tsarin amsar, kamar shafin farko da ya cinye lokaci bai kawo maki ba.

Gyaran Turanci shi ne na ƙarshe, kuma nan ne masu dubawa suka fi ɓata ƙarfinsu, domin kuskuren nahawu ya fi saurin ganuwa. Ana keɓe wuri ɗaya kawai, wato inda kalma ta canja ma'anar doka. Ƙin tayi aikin wanda aka yi wa tayi ne, janye tayi kuwa aikin mai tayi ne, kuma wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya ya juya labarin. Haka nan kwantiragin da ya ɓaci tun asali ba ɗaya yake da wanda ke nan daram har sai wani ɓangare ya zaɓi rushe shi ba. Irin wannan ba kuskuren harshe ba ne, kuskuren doka ne.

Yabo ma yana cikin aikin, amma sai ya zama takamaimai kamar sukar. "Ka yi ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai. Idan aka ce mai amsa ya kawo abin da ya faru a shari'ar Hyde a jimla biyu ba tare da ja da labari ba, ya san abin da zai ci gaba da yi a sauran amsoshinsa.

Akwai wani abin lura da ya shafi jami'o'in arewa, inda ɗalibai da yawa ke haɗa karatun dokar da aka gada daga Ingila da na shari'ar Musulunci. Duka biyun suna magana a kan tayi da amincewa, waɗanda a fiƙihu ake kira ijabi da ƙabuli, amma hujjojinsu da wasu hukunce-hukuncensu sun bambanta. Ɗalibi yakan kawo dalilin cika alkawari daga wancan ɓangare ya kafa hujja da shi a tambayar wannan ɓangare. Mai dubawa ba zai ce maganar ƙarya ce ba. Zai tambaya ne a ƙarƙashin wace doka aka yi tambayar, kuma ko hujjar daga cikinta ta fito. Haka nan yana da kyau a tambaya ko akwai hukuncin wata kotun Nijeriya a kan batun, domin hukuncin Kotun Ƙoli ta Nijeriya shi ne ke ɗaure kotunan ƙasar, kuma amsar da ta haɗa tsohuwar shari'ar Ingila da hukuncin gida ta fi ƙarfi.

Iyakokin mai dubawa

Mai dubawa ɗalibi ne, yana iya kuskure. Saboda haka ya kamata ya raba abin da ya tabbatar da abin da yake zato. Shekarar shari'a ko abin da kotu ta yanke abu ne da ake dubawa a littafi kafin a ce wani ya yi kuskure. Amma ko saƙon Talata tambaya ne ko sabon tayi, wannan wuri ne da lauyoyi biyu za su iya ja. Mai amsa da ya kawo duka shari'o'in biyu, ya auna kalmomin saƙon, sannan ya yanke cewa neman biya kashi biyu ya taɓa wani muhimmin sharaɗi har ya zama sabon tayi, ya yi aikin lauya ko da mai dubawa bai yarda da shi ba. Abin da za a nema a wurinsa shi ne kada ya tsaya nan, ya ci gaba ya ce idan kotu ta ɗauki saƙon a matsayin tambaya, ga abin da labarin dillali zai haifar. Laifin amsar farko ba zaɓin da ta yi ba ne, rashin sanin cewa akwai zaɓi ne. Alamar mai dubawa da ya ɓata hanya ita ce duk sharhinsa ya koma cewa amsar ba ta yi kama da tasa ba.

Idan malami ya nemi a ba da maki, sai a bi ma'aunin da ya bayar, kuma kowane maki da aka ba ko aka hana a iya nuna layin da ya jawo shi. Abota takan sa a ƙara, gasa takan sa a rage, kuma maganin duka biyun shi ne a tilasta wa kai faɗin dalili. Wasu malamai kan rufe sunaye su sa lamba don wannan.

Kunya da girmamawa ma suna da tasiri. A aji ɗaya ana samun ɗan shekara ashirin da magidancin da ya haife shi, kuma ƙarami yakan ji nauyin gaya wa babba cewa ya tsallake batu. Sharhi cikin sigar tambaya yana sauƙaƙa wannan. "Malam, ban gane inda labarin dillali ya shiga ba, ko za a ƙara mini haske?" magana ce da ƙarami zai iya faɗa ba tare da rashin ladabi ba, kuma saƙon ya isa. Ana kuma ɗora magana a kan takarda ba a kan mutum ba: a ce sakin layin bai kawo hujja ba, kada a ce marubucin bai yi karatu ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Iyaka ta ƙarshe ita ce ta gaskiya a karatu. Idan aikin na maki ne da za a miƙa wa malami da sunan mutum ɗaya, sai an san ko malamin ya yarda a nuna wa juna. Sake rubuta wa wani sakin layi a irin wannan aiki yana iya shiga cikin abin da jami'o'i ke hukuntawa a matsayin maguɗi, kuma hukuncin yakan hau kan wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Ga mai shirin zama lauya abin ya fi nauyi, domin kafin a kira mutum zuwa aikin lauya a Nijeriya ana duba halinsa, ba sakamakonsa kaɗai ba.

Bayan an mayar da takarda

Aikin ba ya ƙarewa da miƙa sharhi. Mai amsa zai karanta, ya tambayi abin da bai gane ba, sannan ya tafi ya sake rubutawa shi kaɗai. A wannan zama mai dubawa yana bayyana abin da yake nufi da tambayarsa, amma ba ya yin shifta. Idan aka matsa masa da "to kai me za ka rubuta?", ya fi kyau ya ce su haɗa amsoshinsu bayan an gama gyara.

Ana gane ko sharhin ya yi aiki ta hanyar duba rubutu na biyu. Idan jimlolin mai dubawa ne suka bayyana a ciki, an yi sake rubutu ne da sunan sharhi. Idan kuwa shafin ma'anar kwantiragi ya koma layi uku, saƙon Talata ya sami sakin layin da ke auna kalmominsa tsakanin shari'o'i biyu, dillali ya shigo da muhawara a kan ko abin dogaro ne, kuma duk wannan da kalmomin mai amsa, to an yi abin da ake so. Gwaji mafi ƙarfi shi ne a sauya abu ɗaya a labarin, a ce mai kaji ya aika amincewarsa ranar Laraba da dare kafin ya ji komai daga kowa, a ga ko mai amsa zai gane da kansa cewa yanzu ciniki ya ƙullu, kuma mai kaji yana da damar neman diyya.